Yadda za ki mayar da zobe da ɗankunne jarin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba tare da kin taɓa sauran zinarinki ba

Shekara uku kenan da mijin ƙanwata ya rasu, Allah ya jiƙan shi, ya bar ta da yara uku, babbar tana lakwal, na tsakiya bai shiga ba tukuna, ƙaramin kuma yana goye. Ba ta da albashi ba ta da fansho, abin da ke hannunta ɗan zinarin da ta tara ne tun na aure, sai kuma dangi da Allah ya ba ta masu tsayawa. Tun ba a yi sadakar arba'in ba shawara ta fara zuwa ta ko'ina, wannan ya ce ta sayi firigo ta yi ƙanƙara, wancan ya ce a sai babur a ba wani yaro ya yi kabu-kabu, wata ta ce ta riƙa saro atamfa daga Kano. Ni dai abin da muka yi da ita zan faɗa maki, daga rarrabe zinarin har zuwa litir na farko da ta sayar, don na san akwai irinta da yawa a nan Damagaram.

Kafin komai, kar ki sayar da ko ɗan kunne ɗaya kina cikin takaba. Wata 4 da kwana 10 ɗin nan hankalin mutum ba ya jikinshi, kuma lokacin ne dangi ke kawo hatsi da cefane, to ki bari su yi. Aikinki a wannan lokacin ɗaya ne, ki san wane zinari ne naki na kanki, wane ne ya shiga gado. Wanda aka ba ki na sadaki, ko iyayenki suka yi maki, ko maigidan ya ba ki kyauta kika karɓa tun yana da rai, naki ne. Wanda ya saya ya ajiye a wurinki don ajiya kawai, wannan dukiyar gado ce, ke kina da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas tunda akwai 'ya'ya, in kuna da kishiya ku raba tumunin, sauran na marayu ne da sauran magada. A kira malamin da ya san rabon gado, a zauna da wani babba daga dangin mijin da wani daga naki, a rubuta. Mu mun yi haka, kuma wallahi takardar nan ta kashe magana da yawa daga baya, don ranar da aka ga ta fara sana'a ba a rasa mai cewa da kuɗin marayu take juyawa ba.

To sai maganar sayarwa. Ki ɗauko kayan ki duba jikinsu da kyau, wajen maƙullin sarƙa ko cikin zobe akwai 'yan lambobi ƙanana. In kin ga 750 karat 18 ne, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Lambar nan tana nufin yawan zinarin tsantsa da ke cikin kashi dubu, shi ya sa giram ɗin 18 bai kai na 21 kuɗi ba ko da an yi mashi ado ya fi kyau. Abu na biyu da ya kamata ki sani tun kina gida don kar ranki ya ɓaci a kasuwa: lokacin da aka saya an biya kuɗin zinari da kuɗin aiki, lokacin sayarwa kuwa kuɗin aikin ya tafi, nauyin kawai za a biya ki, duwatsun da ke jiki ma cirewa ake yi. Saboda haka abin da ya fi ado shi ya fi faɗuwa.

Kar ki tafi ke kaɗai, kar kuma ki ba wani ya je maki. Ki tafi da yayanki ko kawunki, ku shiga wurin masu zinari uku daban-daban a rana ɗaya, kowanne ya auna a gabanki ki ga lambar sikelin da idonki, ki tambayi nawa yake sayen giram yau, ki rubuta, ki ce za ki yi shawara. Mu na farkon da muka je ya aza kayan ya ɗauke da sauri ya faɗi nauyi, na biyu da na uku suka ba da nauyi iri ɗaya wanda ya fi nashi da kusan rabin giram. Ban ce da gangan ya yi ba, amma ba mu koma ba. In kun daidaita, kuɗi hannu da hannu, a nan take. Zinari ba a sayar da shi bashi, addini ma bai yarda ba, don haka duk wanda ya ce bar shi ki dawo gobe ki karɓa, ki ɗauki abinki. Ki nemi resi.

Kuma ba duka za ki sayar ba. Wannan ita ce maganar da na fi jaddadawa. Zinari ba ya ruɓewa, ba ya cin abinci, ɓera ba ya taɓa shi, ranar da yaro ya kwanta asibiti shi ne zai tashe ki. Ƙanwata tana da sarƙa da awarwaro biyu da zobe da ɗankunne, zoben da ɗankunnen kawai muka fitar, giram 6 suka yi. Farashi yana motsi kullum, don haka lissafin da zan yi a nan misali ne, ki sa na ranarki a wurin. A ce giram jika 50, kin tashi da jika 300.

Me ya sa man gyaɗa ba firigo ko babur ba? Firigo yana son kuran, kin kuwa san halin da ake shiga lokacin zafi, daidai sanda ƙanƙara ke da kasuwa shi ne wuta ke ɗaukewa. Babur kuma kin ɗauki jarinki duka kin damƙa ma wani, ke kina gida da goyo, in ya ce yau taya ta fashe gobe an kama shi, ba ki da ta cewa. Man gyaɗa a tsakar gidanki ake yinshi, yaranki na gabanki, gyaɗar tana zuwa daga nan kusa, Matameye da Kance da Magarya duk ƙasar gyaɗa ce, kuma abu biyu kike fitarwa daga tukunya ɗaya, mai da ƙuli. Amma aiki ne na ƙarfi, ba zan ɓoye maki ba, kafaɗa da baya suna ji. In kina da ciwon baya ko ba ki da wadda za ta kama maki, ki sake tunani.

Jika 300 ɗin nan kashi huɗu muka yi mata. Jika 40 kayan aiki: babban kaskon suya, tukunyar ƙarfe babba, robobi, faifai da tire, matsami, rariya, mazurari, bido mai litir 25 guda biyu sababbi, turmi da taɓarya dama akwai a gida. Bidon nan kar ki sayi wanda aka taɓa zuba esansi ko kalanzir ko an wanke shi sau goma, warin ba ya fita. Jika 60 kuɗin juyawa na yau da gobe. Jika 150 na sayen gyaɗar ajiya da kaka. Jika 50 kuma aka ba Inna ta ɓoye, na rashin lafiya ne kawai, ba na biki ba ba na suna ba.

Kafin ki sa kuɗinki, ki je ki yi sati biyu kina taya wata mai sana'ar a kartiyenku, ko a dangi in akwai. Ƙanwata wurin wata goggonmu ta koya a Birni. Hannu ne ke koyon wannan aikin, rubutuna ba zai ba ki shi ba, sai dai ya nuna maki inda za ki sa ido.

Sayen gyaɗa shi ne rabin sana'ar. Ki sa hannu har ƙasan buhu ki ɗebo, kar ki tsaya a na sama. Ki ɓalla ƙwaya da haƙori, busasshiya tana yin ƙas, mai danshi kuwa lanƙwasa take yi, kuma mai danshi kin sayi ruwa da kuɗin gyaɗa. Ki murza a tafin hannu ki shinshina. In kin ga ƙwayoyi da suka yi baƙi ko kore-kore ko suka yamutse, ko kin tauna kin ji ɗaci, ki bar ta ko da araha. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, suya ba ta kashe ta, kuma a cikin ƙuli take taruwa, ƙulin da yaranki ne za su fara ci. Ranar Alhamis kasuwar Dole ke cika, nan za ki samu zaɓi, amma in kina da ɗan'uwa a ƙauye ya saya maki can ya aiko a mota ya fi sauƙi. Tiyar kowa ba ɗaya ba ce, ki riƙa zuwa da taki.

Ranar aiki da sassafe a tsince gyaɗar, a fidda tsakuwa da ruɓaɓɓu, nan ne tsofaffin gida ke da amfani, Inna tana zaune da faifai a cinya tana hira tana tsinta. Sai suya a kasko da wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa. Alamar ta yi, ki ɗauki ƙwaya ki murza, jan bayan ya sulluɓe da sauƙi, cikin ya yi ruwan zuma mai haske. In ba ta soyu ba man ba zai fito sosai ba kuma zai yi gafi, in ta ƙone man ya yi duhu ƙulin ya yi ɗaci, duk biyun asara ce. A baza ta ta huce, a murje, a sheƙe, a kai inji. Ki ce ma mai injin gyaɗar mai ce, ya niƙa ta da laushi sosai, kuma ki tabbata ba tattasai ko barkono ya gama niƙawa ba. Sau ɗaya aka yi mana haka, ƙulin ranar duk a gida aka cinye shi.

Wurin fidda man shi ne inda sababbi ke faɗuwa. Ki zuba niƙaƙƙiyar gyaɗar a turmi ko babbar tukunya, ki riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina juyawa da taɓarya ko muciya. Kaɗan fa na ce. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, ƙullun yana ƙara tauri yana kama taɓarya, to nan ne mai gaggawa ke kwarara ruwa, shi kenan ya zama kamar kunu, man ya ƙi rabuwa. Ki yi haƙuri ki ci gaba da juyawa, can za ki ga ƙullun ya fara dunƙulewa yana ƙyalli, launinshi ya ƙara duhu, man ya fara taruwa a gefe. Ki kwashe, ki ƙara juyawa, ki kwashe. Sannan a ɗebo tunkuzar a matse ta da hannu a kan matsami ko tire da aka karkata, man na gangarowa cikin roba. Mutum biyu ya kamata, ɗaya na juyi ɗaya na matsa, in an gaji a yi musanya.

Tunkuzar a sa mata gishiri, mai son yaji ko ɗan sukari ya sa, a mulmula ko a murza sirara, a toya a cikin man da kika fitar. Toyawar nan aiki biyu take yi, ƙuli na soyuwa yana ƙara sakin mai, man kuma ruwan da ya rage a cikinshi na ƙonewa. Muddin kina ganin kumfa da ƙara cas-cas akwai sauran ruwa, sai ya lafa ya yi shiru. Man da aka zuba a bido da sauran ruwa ba ya jimawa yake sauya wari. Ki bar shi ya huce ya kwana, gari ya kwanta a ƙasa, da safe ki tace da ƙyalle mai tsabta ki zuba, ki ajiye inda rana ba ta bugu. Wutar toya ƙuli kuma yara su yi nisa da ita, ranar aiki ƙaramin ƙanwata a gidan yayarmu yake wuni, ba a wasa da tafasasshen mai da mai rarrafe.

Ki fara da tiya 3, kar ki ce za ki yi 10 ranar farko. In hannunki ya faɗa sai ki ƙara.

Yanzu ga lissafin da muke yi a kaye, shi ma misali ne. Tiya 10 a kan jika 1 da rabi, jika 15. Niƙa jika 1, itace jika 1, gishiri da leda da kuɗin kabu-kabu jika 1, duka jika 18. In gyaɗar mai kyau ce kuma hannu ya ƙware, tiya 10 kan ba da wajen litir 8. A ce litir jika 1 da rabi, jika 12 kenan. Kin gani, man kaɗai bai mayar da kuɗin ba. Ƙulin ne ke kawo wajen jika 10, a tashi jika 22, riba jika 4. Wato ribar tana cikin ƙuli, shi ya sa duk wadda ke barin yara da baƙi suna ɗiba a tire tana cewa ai ƙuli ne kawai, ribarta ce ake taunawa. Ki ware na gida a ɗan kwano, sauran a ƙulle. In kina aiki sau uku a sati jika 12, a wata kusan jika 48. Ba arziki ba ne, amma cefane ne da sabulu da kuɗin kaye da bik, ba ki miƙa hannu ba.

Ki riƙa rubuta litir nawa kowane aiki ya ba ki. In kullum 8 kike samu yau kika ga 6, ɗaya cikin uku ne: gyaɗar na da danshi, ko suyar ba ta kai ba, ko mai inji bai niƙa da laushi ba. Ki matsa ƙulin da ya huce tsakanin yatsu, in yana barin maiƙo sosai kuma bai da ƙaras-ƙaras, man ki ya tafi a cikinshi.

Inda sana'ar ke kashe mutane shi ne bazara zuwa damina. Gyaɗa na araha da kaka, wajen watan 10 da na 11, daga nan sai hawa. A ce tiya ta koma jika 2 da dala 40, tiya 10 ta zama jika 22, da sauran kashe-kashe jika 25, ke kuma ba za ki iya ɗaga kuɗin litir yadda kike so ba don man bido na kanti yana nan, in naki ya yi tsada mutane can za su koma. Amfanin jika 150 ɗin nan kenan. Da kaka ƙanwata ta sayi tiya 100, ba ta taɓa ta ba, ta ci gaba da saye a kasuwa tana aiki har sai da farashi ya kai inda lissafi ba ya fita, sannan ta buɗe ajiya. Gaskiya tiya 100 aiki goma ne kawai, ba ta kai ta ƙarshen damina ba, sai ta rage zuwa sau ɗaya a sati don kar masu saye su watse. Shekara ta biyu ta shiga adashe ta roƙi a ba ta kwasarta daidai kaka, ta ƙara a kan ajiyar. In akwai ƙungiyar Mata Masu Dubara a kartiyenku ita ma hanya ce, ana zubi duk sati ana ba da rance daga asusun. Gyaɗar ajiya in da hali ki saye ta da ɓawonta, ta fi jimawa ƙwari ba su shige ta ba, ɓawon kuma makamashi ne. A aza buhunan a kan katako, kar su taɓa ƙasa ko bango, ɗakin ya zama ba ya yoyo, duk sati biyu ki buɗe ki duba.

Sai dangi. Dangi masu so suna iya tada sana'a, kuma su ɗin dai suna iya cinye ta ba da mugunta ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne kowa aka ba shi abu ɗaya takamaimai. Kawu da ke ƙauye shi ke sayen gyaɗa, ana tura mashi kuɗi ta NITA. Ƙanen mijin mai babur shi ke kai niƙa ya dawo da shi, ana sa mashi esansi. Yayarmu riƙon yaro ranar aiki. Wani ɗan goggo mai butiki a Sabon Gari ya ba ta gefen tebur tana ajiye litir-litir da ƙuli a leda. Wanda ya ce me zan taimaka da shi, kar ki ce a'a ba komai don kunya, ki faɗi abu ɗaya. In kuma wani ya ce zai ƙara maki jari, ki tambaye shi a gaban mutane, Yaya wannan kyauta ce ko rance ko haɗin gwiwa? Kunyar minti ɗaya ce.

Bashi kuwa, hmm. Watan farko ƙanwata ta sayar da litir sama da 30 amma kuɗin sayen gyaɗa ya gagara, da muka buɗe kaye sai ga sunayen 'yan'uwa reras, wannan litir 2 sai albashi, waccan litir 1 sai an jima. Ita ba ta iya tambaya, don waɗannan su ne suka ciyar da ita cikin takaba. Inna ce ta raba gardama, ranar wani suna da mata suka taru ta ce, “Man nan na marayu ne, duk mai son taimakon 'yata ta zo da kuɗinta a hannu, wadda ke son kyauta ta zo wurina.” Aka yi dariya, amma daga ranar aka daina. Ki nemi babba irin wannan ya faɗa a madadinki, daga bakinki zai yi nauyi.

Masu saye na kirki su ne masu ɗauka kullum: mai ƙosai da mai awara na bakin titi, masu abincin sayarwa, masu tsire da kilishi da ke son ƙuli ko tunkuza don yaji da labu. Ki aika masu ɗanɗano a ƙaramin kwalba, mutum uku irin waɗannan sun fi maki masu sayen ludayi-ludayi ashirin. Su ma in za su karɓa bashi, sai an biya na jiya a ɗauki na yau. Ki sa hoton kwalaben a status na WhatsApp, matan ma'aikata suna son man da suka san hannun da ya yi shi. Babbar 'yarki kuma kar ki aza mata tire, za a ce maki ai talla ce ke sayar da ƙuli, ƙanwata ta ƙi, yarinyar tana lakwal, in ta dawo ita ke ƙulla ƙuli a leda tana ƙirgawa tana rubutawa a kaye.

Kuɗin sana'a da na cefane kar su kwana a gwangwani ɗaya. Bayan kowane aiki ki fara cire jika 18 ɗin da kika kashe ki mayar wurinsu, abin da ya rage shi ne naki, a cikinshi ma ki jefa ko dala 100 ce a asusu. Ki ba kanki wata shida. In bayan wata shida kuɗin juyawar nan jika 60 suna nan ko sun ƙaru, ki ci gaba. In kin ga sun koma 40, sun koma 30, kar ki ɗauko sarƙa ki sayar don ki cike ramin, ki tsaya ku zauna da kaye ku gano ta ina ke yoyo, yawanci bashi ne ko cefane ko gyaɗar tsada.

Ƙanwata dai har yanzu sarƙar da awarwaron suna nan a ƙasan akwatin Inna. Kakar bana tana so ta sayi tiya 200, kuma tana ta cigiyar inda ake sayar da ƙaramin injin juya ƙullu na hannu, don kafaɗarta ta dama ta fara damunta.